Yadda Ake Lissafa Kason Albashin da Ke Shiga Hannu, da Gano Kuskure a Cirar Fansho da Haraji

Ƙanwata ma'aikaciyar ɗakin gwaji ce a wani asibiti mai zaman kansa a cikin garin Gombe. Wata ranar Asabar ta zo gidana da takardar albashinta a naɗe cikin jaka, ta shimfiɗa ta a kan tabarma, ta ce, "Yaya, don Allah duba mini. An ce albashina naira dubu ɗari biyu da hamsin ne, amma ban taɓa ganin ko ɗari da saba'in a asusuna ba." Na daɗe ina aikin lissafin albashi, don haka na san wannan kukan. Mutum ya san abin da aka rubuta masa a takardar ɗaukar aiki, ya san abin da alat ya kawo, amma abin da ya faru tsakanin biyun duhu ne a wurinsa.

Da takardarta zan yi bayani tun daga farko har ƙarshe, domin a cikinta mun tarar da kuskure a haraji, mun kuma tarar da giɓi a fansho. Abin da za ka tanada kaɗan ne: takardar albashinka ta wata uku a jere idan da hali, saƙon bankin da ya nuna abin da ya shiga, bayanin asusunka na fansho, biro da takarda, sai kalkuletar waya.

Fara da tabbatar da cewa takardar ta yarda da kanta

Takardar albashi gida biyu ce. Gida ɗaya na abin da aka ba ka, ɗayan na abin da aka cire. Ga yadda tata take, da sunayen kamar yadda aka buga su:

```
Basic          120,000
Housing         60,000
Transport       30,000
Shift/Hazard    40,000
Gross          250,000

Pension         16,800
NHF              3,000
PAYE            27,500
Cooperative     20,000
Loan            15,000
Total Ded.      82,300

Net Pay        167,700
```

Basic shi ne gundarin albashi. Housing alawus ɗin gida ne, Transport na sufuri. NHF gudummawar asusun gidaje ce, PAYE kuma harajin albashi. Gross shi ne jimillar komai kafin a taɓa shi, Net Pay kuma abin da ya rage bayan cire-cire.

Kada ka yarda da jimillar da aka buga. Haɗa gidan sama da kanka, ka ga ko ya ba da 250,000. Haɗa gidan ƙasa, ka ga ko ya ba da 82,300. Ɗebe na biyu daga na farko, ka ga ko 167,700 ya fito. Daga nan ka buɗe saƙon banki ka gwada shi da wannan adadi. Wannan aikin minti uku ne, amma na sha ganin inda aka ƙara layi a takarda ba a sa shi cikin jimilla ba, ko takarda ta ce abu kaza banki ya kawo ƙasa da haka. Idan takarda da alat suka saɓa, to ko dai bankinka ya ciri wani abu, kamar rancen da ka ci a wurinsu, ko kuma an cire wani abin da ba a rubuta ba. Nata dai ya yi daidai har sisin kwabo, sai muka wuce.

Mayar da shi kashi cikin ɗari

Ƙa'idar guda ɗaya ce. Raba abin da ya shiga hannunka da jimillar albashi, ka ninka da 100. Wato 167,700 a raba da 250,000, ya ba da 0.6708, a ninka da 100, ya zama kashi 67.08 cikin ɗari. Ma'anarsa, a duk naira ɗari da ta yi wa aiki, naira 67 da 'yan kwabbai ne ke isa gida.

Idan da kwamfuta kake aiki, ka buɗe manhajar lissafi irin Excel, ka sa jimillar albashi a akwatin B1, abin da ya shiga hannu a B2, sai ka rubuta:

```
=B2/B1*100
```

Mutane da yawa a nan suke tsayawa, su ce an cinye musu kashi ɗaya bisa uku. Ba haka ba ne, kuma wannan adadi shi kaɗai ba zai nuna maka kuskure ba. Sai ka yi wa kowane layi irin wannan lissafin, kana raba shi da jimillar albashi. A tata, fansho ya ɗauki kashi 6.72, asusun gidaje kashi 1.2, haraji kashi 11, adashin ƙungiya kashi 8, rance kashi 6. Ka haɗa su, za su ba ka 32.92. Ka ɗora a kan 67.08, ɗari cif. Idan bai cika ɗari ba, akwai layin da ka tsallake.

Yanzu ka raba su gida biyu. Akwai waɗanda doka ko tsarin aiki ya ɗora maka: fansho, asusun gidaje, haraji. Akwai kuma waɗanda kai ka sa hannu da kanka: adashi da rance. Na farko a takardarta sun kama 47,300, wato kashi 18.92. Saboda haka kason da take da iko da shi a gaskiya kashi 81.08 ne, ita ce ta karkatar da kashi 14 zuwa adashi da biyan bashi. Da na faɗa mata haka sai ta yi shiru, ta ce, "Ashe har da hannuna a ciki."

Wannan adadi na biyu, 81.08, shi ne nake so ka riƙe. Dalili kuwa, ba ya motsi sai da sanadi. Rance yana ƙarewa, adashi ana ƙarawa ana ragewa, amma idan albashinka bai canza ba, doka ba ta canza ba, kason cire-ciren dole ya kamata ya tsaya wuri ɗaya wata bayan wata. Ka rubuta shi a bayan takardar kowane wata. Ranar da ka ga ya faɗo daga 81 zuwa 78 ba tare da ƙarin girma ko ariyas ba, ka san an taɓa wani abu. Shi ne kuma adadin da za ka gwada da na abokin aikinka da kuke mataki ɗaya. Gwada abin da ya shiga asusu ba shi da amfani, tunda bashin kowa daban.

Fansho: a kan me aka ɗora kashi takwas ɗin?

Da ta ga 6.72 sai ta ce, "Yaya, ba kashi takwas aka ce ba? Ke nan sun rage mini." A'a. Dokar gyaran fansho ta 2014 ta ce ma'aikaci zai ba da aƙalla kashi 8, mai ɗaukar aiki ya ba da aƙalla kashi 10. Amma ba lallai a kan jimillar albashi ba. Ana ɗora su a kan abin da yarjejeniyar aiki ta kira albashin wata, da sharaɗin kada ya gaza gundarin albashi da alawus ɗin gida da na sufuri a haɗe.

To haɗa waɗannan ukun: 120,000 da 60,000 da 30,000, ya ba da 210,000. Kashi 8 na wannan shi ne 16,800, daidai da abin da ke takardarta. Wannan layin lafiya lau yake.

Idan naka bai yi daidai ba, akwai dabarar gano inda aka kauce. Ka ɗauki abin da aka cire, ka raba shi da 0.08. Abin da ya fito shi ne tushen da aka yi lissafi a kai. Da a ce 9,600 aka cire mata, rabawa zai ba da 120,000, ka san a kan gundarin albashi kaɗai aka ɗora. Wannan shi ne kuskuren da ma'aikaci ba ya kuka da shi, don yana ganin kuɗin hannunsa ya ƙaru da dubu bakwai da ɗari biyu. Amma ka lura, idan an rage tushen naka, an rage na mai ɗaukar aiki ma. Maimakon ya zuba 21,000 sai ya zuba 12,000. Naira dubu tara ke nan duk wata da ya kamata su shiga asusunka daga aljihunsa, ba su shiga ba. A shekara 108,000, ban da ribar da za su haifa. Ni a ganina wannan ya fi kuskuren haraji ciwo, domin ba a jin sa sai ranar da ƙarfi ya ƙare.

Da 15,750 ne, to kashi bakwai da rabi aka yi, wato ma'aunin tsohuwar dokar 2004 da har yanzu ake tsintar sa a wasu tsofaffin jadawalai. Da 20,000 ne, an ɗora a kan jimillar albashi. Wannan ba laifi ba ne idan haka yarjejeniyar aiki ta ce, amma sai ka tabbatar shi ma mai ɗaukar aiki 25,000 yake zubawa, ba 21,000 ba. Da kuma 37,800 ne, to an haɗa kashi 18 gaba ɗaya an ɗora maka, kai kake biyan rabonka da nasa. Wannan ba ya halatta.

Haka nan idan ka ga layin da ke cewa NSITF, ko ITF, ko inshorar rai ta ma'aikata a gidan cire-cire, ka tambaya. Waɗannan nauyin mai ɗaukar aiki ne, ba a cire su daga albashin ma'aikaci.

Ma'aikacin gwamnatin jiha ko na ƙaramar hukuma, a Gombe ko a Bauchi, ya yi hattara a nan. Dokar jiharsa ce ke tsara fanshonsa, don haka ya nemi takardar sanarwar da ta faɗi kason da ake cirewa da tushen da ake ɗora shi, ya sa wannan kason a madadin 0.08. Dabarar rabawar dai ita ce. Haka ma kuɗin kiwon lafiya na GoHealth a Gombe ko BASHCMA a Bauchi: raba abin da aka cire da gundarin albashi, ka sake raba shi da jimilla, ka ga wanne ya ba da kason da aka sanar.

Cirewa daban, zubawa daban

Takardar albashi tana gaya maka an cire. Ba ta gaya maka an kai. Wannan sai bayanin asusun fansho.

Na ce ta buɗe manhajar kamfanin fanshonta a waya. Ba ta taɓa shiga ba tun da aka buɗe mata asusun, sai da muka nemo lambarta, wadda ke farawa da PEN, a wani tsohon saƙo. Wanda ba shi da manhaja yana iya zuwa ofishin kamfanin a buga masa. Abu uku ake dubawa. Na farko, lambar da ke takardar albashi, idan an buga ta, ita ce ta asusunka harafi da harafi. Na biyu, kowane wata yana da layinsa. Na uku, a kowane layi akwai rabon ma'aikaci da rabon mai ɗaukar aiki. Nata ya kamata ya nuna 16,800 da 21,000, jimilla 37,800. Hanya mai sauri: raba na mai ɗaukar aiki da naka, ya kamata ka sami 1.25 ko sama da haka. Idan ka sami 1 daidai, to kashi takwas yake zubawa kamar naka, ya rage biyu. Ɗan kuɗin hidima da kamfanin fansho ke cira ƙanƙani ne, kada ya ruɗe ka.

Muka bi watanni shida da yatsa. Janairu yana nan, Fabrairu yana nan, Mayu da Yuni suna nan. Maris da Afrilu babu. Takardun albashin watannin biyu kuwa sun nuna an cire 16,800 kowanne. Giɓin naira 75,600 ke nan idan aka haɗa da rabon asibitin.

Doka ta ba mai ɗaukar aiki kwanakin aiki bakwai daga ranar biyan albashi ya tura kuɗin. Wanda ya makara akwai tara a kansa, wadda ba za ta gaza kashi 2 cikin ɗari na abin da bai tura ba a kowane wata, kuma ana zuba ta a asusun ma'aikacin. Amma kada ka yi saurin zargin sata. Wani lokaci an tura kuɗin, sai dai an yi kuskure a jadawalin sunaye ko a lamba, kuɗin ya maƙale bai sauka a asusunka ba. Ka kuma duba gefen da ke nuna watan da aka biya wa, ba ranar da kuɗin ya shiga kawai ba, don wasu kan haɗa wata biyu su tura lokaci ɗaya. Abin da za ka nema a ofishin albashi shi ne shaidar turawa ta watan da ya ɓace, tare da jadawalin da sunanka ke ciki.

Asusun gidaje

Wannan ba shi da wahala. Kashi biyu da rabi ne, kuma a takardun albashi da yawa a kan gundarin albashi ake ɗora shi: kashi 2.5 na 120,000 shi ne 3,000. Bankin bayar da lamunin gidaje na tarayya ke riƙe kuɗin. Ka nemi lambarka ta asusun, domin cirewa ba tare da lamba ba kamar zuba ruwa a kwando ne. Tun 2023 kuma, ga ma'aikacin kamfani mai zaman kansa shiga tsarin ganin dama ne.

Haraji: a nan aka fi yin tuntuɓe

Daga 1 ga Janairu, 2026, sabuwar dokar haraji ta 2025 ce ke aiki. Harajin albashi da shekara ake lissafa shi, sannan a raba gida goma sha biyu. Kuma ba a kan jimillar albashi ake ɗora shi ba, sai an fara cire abubuwan da doka ta yafe.

Mataki na farko, ninka jimillar albashi da 12. Nata 3,000,000 ne.

Mataki na biyu, cire abin da doka ta yafe. Akwai gudummawar fansho ta ma'aikaci, 16,800 sau 12, wato 201,600. Akwai asusun gidaje, 36,000 a shekara. Wanda ake cire masa kuɗin inshorar lafiya ta ƙasa, ko yake biyan inshorar rai, shi ma yana cirewa. Sai rangwamen haya, wanda sabuwar doka ta kawo: kashi 20 cikin ɗari na hayar gidan da kake biya a shekara, amma ba zai wuce naira 500,000 ba. Ita tana biyan 400,000 a Tumfure, rangwamenta 80,000 ke nan. Adashi da rance ba sa cikin wannan, don haka kada ka cire su. Idan aka ɗebe 201,600 da 36,000 da 80,000 daga miliyan uku, saura 2,682,400. Wannan shi ne kuɗin da haraji ke hawa.

Mataki na uku, hau matakalar. Naira 800,000 na farko babu haraji. Naira 2,200,000 da ke biye, kashi 15. Miliyan 9 da ke biye, kashi 18. Miliyan 13 na gaba, kashi 21. Miliyan 25 na gaba, kashi 23. Abin da ya haura miliyan 50, kashi 25. Yawancinmu a matakai biyu ko uku na farko muke.

Ɗebe 800,000 daga 2,682,400, saura 1,882,400. Bai kai 2,200,000 ba, don haka duka yana matakin kashi 15. Kashi 15 ɗinsa 282,360 ne a shekara. A raba da 12, ya zama 23,530 a wata.

Ga wanda kuɗin da haraji ke hawa bai wuce miliyan 12 ba, idan ya sa adadin a B5, wannan zai ba shi harajin wata:

```
=(MAX(0,MIN(B5,3000000)-800000)*0.15+MAX(0,B5-3000000)*0.18)/12
```

Takardarta ta ce 27,500. Mu mun sami 23,530. Bambancin 3,970 duk wata, 47,640 a shekara.

Sanin akwai bambanci rabin aiki ne. Idan ka je wurin akanta ka ce "harajina ya yi yawa", zai ce maka kwamfuta ce ta lissafa, magana ta ƙare. Sai ka gano yadda aka yi aka iso ga adadinsu. Ka koma da baya: ninka 27,500 da 12, ya ba da 330,000. Raba da 0.15, ya ba da 2,200,000. Ƙara 800,000, ya zama 3,000,000 cif, wato jimillar albashinta. Ke nan ba a cire mata komai ba kafin a ɗora haraji, ko fansho ko asusun gidaje. An caje ta haraji a kan kuɗin da doka ta yafe.

Sai dai ba duka ne laifin ofis ba, kuma na gaya mata haka. Rangwamen haya ba ya zuwa da kansa, ofishin albashi bai san nawa kake biya ba sai ka kai rasit da yarjejeniyar haya. Ba ta taɓa kaiwa ba. Ba tare da haya ba, harajinta 24,530 ne. Saboda haka a cikin 3,970 ɗin nan, naira 2,970 kuskuren ofis ne, naira 1,000 kuma rashin kai takarda ne. Wanda ke zaune a gidansa ko gidan gado ba ya biyan haya, ba shi da wannan rangwamen, kuma kada wani ya ba ka shawarar ƙirƙiro rasit.

Akwai wani adadi da na ce ta riƙe: 25,840. Shi ne abin da tsohuwar doka za ta ba da a kan albashinta. A tsohon tsari, bayan cire fansho da asusun gidaje, ana yafe naira 200,000 da kashi 20 na abin da ya rage, sannan a hau matakala mai farawa da kashi 7 a kan 300,000 na farko, kashi 11 a kan 300,000 na biyu, kashi 15 da 19 a kan 500,000 biyu da ke biye, kashi 21 a kan 1,600,000, sai kashi 24 a sama. Da wannan za ka duba takardun 2025 zuwa baya. Gwaji mafi sauƙi kuwa: ajiye takardar Disamba 2025 kusa da ta Janairu 2026. Idan albashi bai canza ba, harajin ma bai motsa ko kwabo ba, da alama ba a sauya jadawalin ba. Wanda kuma albashinsa bai wuce mafi ƙarancin albashi na ƙasa ba, wato naira 70,000 da aka amince da shi a 2024, bai kamata ya ga an cire masa harajin albashi ba sam.

Ina so in kawar da wani tsoro da nake yawan ji, cewa ƙarin albashi zai jefa mutum mataki na sama haraji ya cinye ƙarin. Ba haka matakalar ke aiki ba. Idan kuɗin da haraji ke hawa ya kai 3,100,000, dubu ɗarin da ta haura miliyan uku ce kaɗai ke biyan kashi 18. Wannan ma hanya ce ta gwaji. Idan aka ƙara mata alawus na 10,000 wanda fansho ba ya hawa, harajinta zai ƙaru da 1,500 ne kawai. Ya wuce haka, a duba.

Watan ariyas ma wurin lura ne. A ce an biya ta ariyas ɗin alawus na 120,000 a wata ɗaya. Harajin da ke kansa kashi 15 ne, 18,000, don ko an haɗa shi ba ta haura miliyan uku ba. Harajin watan zai zama 41,530. Amma wani jadawalin yakan ɗauki 370,000 na watan ya ninka da 12, kamar haka take samu kullum, ya tura ta matakin kashi 18, ya fitar da 44,336. Idan haka ta faru, a nemi a daidaita a watannin da suka rage.

Kamar fansho, haraji ma cirewa daban, kaiwa daban. Mai ɗaukar aiki zai kai abin da ya cire ga hukumar tara kuɗin shiga ta jihar da kake zaune, zuwa ranar 10 ga watan da ke biye. Hanyar tabbatarwa ita ce neman takardar shaidar biyan haraji da sunanka. Idan shekara da shekaru ana cirewa amma hukumar ba ta da tarihinka, ranar da kake buƙatar takardar ne za ka sha wahala.

Yadda ake kai maganar

Na hana ta zuwa da baki kawai. Muka rubuta takarda mai shafi ɗaya zuwa ga akanta: suna, lambar ma'aikaci, watannin da abin ya shafa, adadin da aka cire, adadin da lissafinmu ya ba da, da matakan lissafin a jere yadda zai iya bi da kalkuleta. Muka haɗa da kwafin takardun albashi, bayanin asusun fansho da aka ja layi a wurin Maris da Afrilu, da rasit ɗin haya. Ta yi kwafi biyu, ta ce a sa mata hannu da kwanan wata a ɗaya ta riƙe.

Na kuma ce ta shiga da ladabi, don galibi wanda ke zaune a teburin ba shi ya gina jadawalin ba, gadonsa ya yi. Da ta miƙa masa ta ce, "Malam, ina ganin kamar ba a cire fansho kafin a ɗora haraji ba, don Allah a duba mini." Ya danna kalkuleta sau biyu, ya buɗe kwamfuta, ya ce, "Malama, gaskiyarki. Kuma ba ke kaɗai ba ce, layin gaba ɗaya haka yake."

Harajin da aka cire fiye da kima a cikin shekara ɗaya, hanya mafi sauƙi ita ce a rage shi daga harajin watannin da suka rage, tunda lissafin na shekara ne. Idan shekarar ta wuce, sai an bi ta hukumar haraji, kuma wannan yana ɗaukar lokaci, shi ya sa duba takarda tun a watannin farko ya fi. Fansho kuwa, idan ofis ya yi shiru, ka kai wa kamfanin fanshonka a rubuce. Idan nan ma ba a motsa ba, hukumar fansho ta ƙasa, PenCom, tana da ofishin shiyyar Arewa maso Gabas a nan Gombe, kuma tana karɓar koke irin wannan.

A takardarta ta wata na gaba layin haraji ya koma 23,530, ban da ragin da aka fara yi mata na watannin baya, wanda aka rubuta a layinsa daban. Cire-ciren dole suka sauko zuwa 43,330, wato kashi 17.33, kason da take da iko da shi ya zama 82.67. Abin da ke shiga asusu bayan adashi da rance ya zama 171,670, kashi 68.67. Kuɗin Maris ya sauka a asusun fanshonta bayan mako uku. Na Afrilu har yanzu tana bi, ta ce duk ranar Juma'a take buɗe manhajar ta duba.